Ƙarfe Nawa a Agogon Wa? Tsayar da Lokacin Taro ta Imel Tsakanin Ƙasashe

Idan mutum ya rubuta wa abokin aikinsa imel ya ce su haɗu ƙarfe uku ranar Talata, maganar ta cika ne kawai in su biyun suna kallon agogo iri ɗaya. Da zarar ɗaya yana Kano ɗaya yana Landan ko Jidda, "ƙarfe uku" ya zama rabin magana, domin kowa zai karanta shi da agogon da ke hannunsa. Saƙon da ke neman tsayar da lokacin taro tsakanin ƙasashe yana da aiki biyu: ya nemo sa'ar da kowa zai iya halarta, sannan ya rubuta ta yadda ba za a yi mata fassara biyu ba. Na farkon lissafi ne, na biyun kuma rubutu ne, kuma kuskure ya fi yawa a na biyun.

Asalin bambancin

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, shi ya sa rana take riga fitowa a gabas. Ko a cikin Najeriya, rana tana fitowa a Maiduguri kusan minti 40 kafin ta fito a Legas, amma ƙasar tana bin agogo ɗaya saboda doka ce ta tsara haka. Agogon ƙasa hukuncin gwamnati ne, ba bin rana ba ne zalla. Ƙasar Sin, duk da faɗinta, agogo ɗaya take bi daga wannan gefe zuwa wancan, Amurka kuwa tana da agogo huɗu a babban yankinta, ban da Alaska da Hawai.

A 1884 aka yi taro a Washinton inda aka amince da layin da ya ratsa Greenwich, wata unguwa a Landan, a matsayin mafarin awon gabas da yamma. Wannan layi ya gangaro har ya ratsa garin Tema a Gana. Daga nan aka samu agogon GMT, wanda masu sauraron sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare suka saba jin ana ambatonsa tare da "agogon Najeriya da Nijar". A yau ma'aunin da na'urori suke aiki da shi sunansa UTC. Ga mai shirya taro, GMT da UTC sa'a ɗaya suke nunawa, kuma ba a matsar da su a kowane lokaci na shekara.

Kowane agogo ana bayyana shi da tazararsa daga UTC. Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi suna UTC+1, wato sa'a ɗaya a gaba. Gana tana kan UTC daidai. Sudan tana UTC+2, Saudiyya UTC+3, Dubai UTC+4, Sin UTC+8. Ba kowace tazara ce cikakkiyar sa'a ba: Indiya tana UTC+5:30, Nepal kuma UTC+5:45, saboda haka ƙarfe goma na safe a Kano ƙarfe biyu da rabi ne na rana a Delhi. Wanda ya yi lissafin Indiya da cikakkun sa'o'i zai makara ko ya riga da rabin sa'a.

Tazarar da ba ta tsayawa wuri ɗaya

Da a ce tazarar kowane gari tana nan yadda take shekara da shekaru, da jadawali ɗaya ya isa kowa. Abin da ya ɓata wannan shi ne al'adar wasu ƙasashe ta tura agogo gaba da sa'a ɗaya idan rana ta fara tsawo, su mayar da shi baya idan hunturu ya ƙarato. Ana iya kiran wannan agogon bazara. Ƙasashen Afirka ta Yamma ba sa yinsa, domin kusa da tsakiyar duniya tsawon yini ba ya canjawa sosai, kuma wannan ne ya sa mutumin Kano ko Maraɗi yake saurin mantawa da shi. Agogonsa bai taɓa motsawa ba, sai ya ɗauka na kowa ma haka yake.

Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogo gaba ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su dawo da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ke nan Landan tana UTC+1, agogonta ɗaya da na Kano. Sauran watannin kuwa tana baya da sa'a ɗaya. Amurka tana yin nata sauyin a wasu ranakun daban. Tun 2007 take tura agogo ranar Lahadi ta biyu ta Maris, ta dawo da shi ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Niyok tana UTC-5 a hunturu, UTC-4 a bazara, don haka tazararta da Kano sa'a shida ce wani lokaci, wani lokaci biyar.

Tun da ranakun Amurka da na Turai ba su zo ɗaya ba, akwai makonni biyu ko uku a Maris, da mako ɗaya a ƙarshen Oktoba, da tazarar Landan da Niyok take komawa sa'a huɗu maimakon biyar da aka saba. A 2026, Amurka ta sauya ranar 8 ga Maris, Birtaniya sai 29 ga Maris. A dawowa kuma Birtaniya 25 ga Oktoba, Amurka 1 ga Nuwamba. Waɗannan makonni su ne ramin da ko gogaggun ma'aikata suke faɗawa. A kudancin duniya lamarin a juye yake: Sidni ta Ostireliya tana tura agogonta gaba a Oktoba, a daidai lokacin da Turai take shirin mayar da nata baya.

Abin da za a riƙe daga nan shi ne, tambayar "sa'a nawa ne tsakanin Kano da Niyok?" ba ta da amsa sai an ƙara mata rana. Tazarar da za a yi aiki da ita ta ranar taron ce, ba ta ranar da ake rubuta imel ɗin ba. Mai duba agogon duniya a wayarsa ranar 5 ga Maris don taron da za a yi ranar 24 ga Maris zai ga tazarar yau, ya rubuta ta da gaskiyarsa, kuma ya yi kuskuren sa'a guda.

Misali daga farko har ƙarshe

A ɗauka wata malamar jami'a a Kano tana son haɗa taron sa'a ɗaya ta bidiyo da abokan bincike uku: ɗaya a Landan, ɗaya a Niyok, ɗaya a Jidda. Tana son a yi shi a makon da ya fara ranar Litinin 23 ga Maris 2026. A ɗauka kuma kowannensu yana aiki daga tara na safe zuwa biyar na yamma a agogon garinsa.

Ranaku za ta fara tacewa. Hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun 2013, saboda haka mutumin Jidda yana aiki daga Lahadi zuwa Alhamis. Na Landan da na Niyok ba sa aiki Lahadi. Ranakun da suka haɗa kowa huɗu ne, Litinin zuwa Alhamis. Ba za a auna sauran ƙasashen Larabawa da Saudiyya ba tare da dubawa ba, domin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma hutun Asabar da Lahadi tun farkon 2022, Juma'a kuma rabin yini ake yi a ma'aikatun gwamnati.

Sai sa'o'i. Hanya mafi tsabta ita ce a mayar da lokacin aikin kowa zuwa UTC, maimakon a riƙa gwada gari da gari. Ana cire tazarar gari daga agogonsa in yana gabas, ana ƙara ta in yana yamma. Kano tana UTC+1, don haka tara zuwa biyar ɗinta ya zama 08:00 zuwa 16:00 a UTC. Landan a wannan makon ba ta riga ta sauya ba, tana kan UTC daidai, nata 09:00 zuwa 17:00 ne. Jidda tana UTC+3, nata ya zama 06:00 zuwa 14:00. Niyok ta riga ta sauya tun 8 ga wata, tana UTC-4, nata ya zama 13:00 zuwa 21:00.

Yanzu sai a duba wanda ya fi kowa makarar farawa da wanda ya fi kowa saurin tashi. Niyok ba ta buɗewa sai 13:00, Jidda tana tashi 14:00. Sa'a ɗaya tak ta rage wa mutum huɗun, daga 13:00 zuwa 14:00 a UTC: ƙarfe biyu na rana a Kano, ɗaya na rana a Landan, tara na safe a Niyok, huɗu na yamma a Jidda. Da a makon farko na Maris ne, kafin Amurka ta sauya, Niyok za ta buɗe ne 14:00, daidai lokacin da Jidda take rufewa, kuma babu sa'ar da ta haɗa su ko ɗaya.

Lissafi ya ba da sa'a, amma bai san mutane ba. Ƙarfe huɗu a Jidda a ƙarshen Maris daidai sallar la'asar ne, ƙarfe biyu kuma a masallatai da yawa na ƙasar Hausa lokacin azahar ne. Malamar tana da hanya biyu. Ta ja taron baya da rabin sa'a zuwa 13:30, wanda zai sa mutumin Jidda ya wuce lokacin tashinsa da minti 30. Ko ta kawo shi gaba zuwa 12:00, wanda zai sa mutumin Niyok ya zauna ƙarfe takwas na safe. Kowace hanya akwai wanda zai ɗauki nauyi, kuma ladabi shi ne a faɗi wannan a fili a cikin saƙon, kada a bar mutum ya gano da kansa cewa shi aka ɗora wa.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa:

Kan magana: Taron bincike, zaɓin lokaci, 24 zuwa 26 ga Maris 2026

Assalamu alaikum Farfesa, Dakta, Malam. Barkanku da aiki. Ina neman mu yi taron sa'a ɗaya ta bidiyo kan babi na uku. Ga lokuta uku, na rubuta kowanne da agogon garin kowa:

1. Talata 24 ga Maris, 13:30 UTC. Kano 14:30, Landan 13:30, Niyok 09:30, Jidda 16:30.
2. Laraba 25 ga Maris, 12:00 UTC. Kano 13:00, Landan 12:00, Niyok 08:00, Jidda 15:00.
3. Alhamis 26 ga Maris, 13:30 UTC. Kano 14:30, Landan 13:30, Niyok 09:30, Jidda 16:30.

Malam, na san na ɗaya da na uku za su kai ka biyar da rabi. Dakta, na biyu zai sa ki sammako. A yi haƙuri. Don Allah kowa ya turo lambobin duk waɗanda zai iya, kafin ƙarshen Laraba 18 ga Maris a agogon garinsa. Na yi lissafin ne a kan cewa Amurka ta riga ta sauya agogo, Birtaniya kuwa sai 29 ga wata. In wani zai kasance a wani gari a makon, ya sanar da ni. Na gode.

Kowane abu a cikin wannan saƙo yana da dalili. An ba da zaɓi uku maimakon a tambaya "yaushe kuke da lokaci?", domin imel tsakanin gabas da yamma tafiyar hawainiya yake yi. Saƙon da aka tura daga Kano ƙarfe goma na safe yana isa Niyok ƙarfe biyar na asuba, amsar kuma tana iya zuwa bayan Jidda ta tashi aiki, sai washegari a gan ta. Kowace kai-komo tana cin yini guda, kuma tambayar da ba ta da zaɓi tana buƙatar kai-komo uku ko huɗu. Zaɓi ɗaya kaɗai kuwa yana kama da umarni, kuma in mutum ɗaya bai iya ba an koma farko. Zaɓi takwas ma ba gwaninta ba ne: mutane sukan ajiye irin wannan saƙon sai sun samu natsuwa, natsuwar kuma ba ta zuwa. An sa wa zaɓin lambobi don amsa ta zama gajera, "1 da 3", kuma don kada mai amsa ya sake rubuta sa'a da agogonsa ya buɗe sabuwar ƙofar ruɗani. An nemi duk waɗanda mutum zai iya, ba wanda ya fi so ba, saboda in kowa ya zaɓi ɗaya ana iya samun amsa uku daban-daban.

Jimlar da ta bayyana abin da aka gina lissafin a kai ita ce aka fi tsallakewa, alhali ita ce take ba mai karatu damar kama kuskure. Sanya UTC kusa da agogon garuruwa ma haka: in lambobin biyu ba su dace ba, wani zai lura. Akwai masu ganin UTC kaɗai ya isa, kowa ya yi nasa lissafin. Wannan yana tafiya tsakanin matuƙan jirgin sama da masu kula da na'urorin sadarwa da suka saba da shi, amma ga sauran mutane yana nufin mutum huɗu za su yi lissafi huɗu, kowanne da damar kuskurensa. Gara mai gayyata ya yi lissafin sau ɗaya da kyau.

Kalmomin da suke yaudara

Gajerun sunayen agogo suna kama da tabbaci, amma da yawansu suna da ma'ana fiye da ɗaya. `IST` agogon Indiya ne, kuma ana amfani da shi ga na Isra'ila da na Ailan. `CST` na tsakiyar Amurka ne, kuma na Sin ne, tsakaninsu sa'a 14. `AST` yana iya zama na Saudiyya ko na gaɓar Atlantika a Kanada. Wata matsalar kuma, mutane suna rubuta sunan hunturu duk shekara. Ba'amurke yakan rubuta `EST` a watan Yuli alhali agogonsa `EDT` ne, mutumin Landan yakan rubuta `GMT` a watan Yuni alhali yana nufin agogon Landan, wanda ya wuce GMT da sa'a ɗaya a lokacin. Wanda ya samu gayyatar "3pm GMT" daga Landan a tsakiyar shekara, in ya bi harafin rubutun zai shiga ƙarfe huɗu a Kano, in ya bi nufin marubucin zai shiga ƙarfe uku. Tambaya ɗaya ce maganinsa: GMT na gaske, ko agogon Landan? Sunan gari ya fi gajeren suna aminci, domin "agogon Landan" daidai yake a kowane wata.

Kwanan wata da lambobi zalla shi ma tarko ne. `03/04/2026` a Najeriya da Birtaniya 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. A rubuta sunan watan da haruffa, a haɗa da sunan ranar mako. Ranar mako tana aikin mai gadi: in an rubuta "Talata 25 ga Maris 2026", mai duba kalanda zai ga 25 Laraba ce, ya tambaya. Inda dole sai lambobi, tsarin ƙasa da ƙasa mai farawa da shekara, `2026-03-24`, ba ya ɗaukar fassara biyu.

Hausa tana da wata falala a nan, domin ba kasafai ake faɗin sa'a ba tare da "na safe", "na rana", "na yamma" ko "na dare" ba. Duk da haka tana da nata ramukan. "Bayan la'asar" da "da hantsi" suna aiki tsakanin mutanen gari ɗaya, amma la'asar ta Landan a watan Disamba tana riga ta watan Yuni da sa'o'i. Mafi haɗari shi ne "daren Juma'a". A lissafin Musulunci dare yana riga yini, don haka ga Bahaushe da yawa daren Juma'a shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis, ga wanda ya tashi da kalandar bature kuwa shi ne wanda ya biyo bayan yinin Juma'a. Tsakaninsu sa'a 24. "Ƙarfe sha biyu na dare ranar Talata" ma haka yake, ba a san farkon Talata ake nufi ko ƙarshenta ba. Rubuta sa'a da tsarin 24, kamar 21:00 ranar Alhamis 26 ga Maris, yana rufe duk waɗannan ƙofofin. Mai mu'amala da Afirka ta Gabas ya san kuma cewa masu magana da Suwahili suna fara ƙirga sa'o'i daga ƙarfe shida na safe, har sa'arsu ta ɗaya ta zama bakwai na safe a agogo.

"Gobe" da "yau" ba su da wuri a irin wannan saƙo. Ba a san lokacin da za a buɗe imel ɗin ba, kuma rana kanta tana iya bambanta. Ƙarfe takwas na daren Litinin a Kano ƙarfe uku ne na daren da zai waye Talata a Sin. Ƙarfe bakwai na safiyar Talata a Kano, a watan Yuni, sha ɗaya ne na daren Litinin a Kalifoniya. In taro ya tsallaka tsakar dare ga wani, a rubuta masa ranarsa daban kusa da sa'arsa.

Bayan an amince

Idan amsoshi sun zo, mai gayyata yana tura saƙo ɗaya na tabbatarwa mai ɗauke da lokaci ɗaya, da agogon kowa kamar yadda aka yi da farko, tare da gayyatar kalanda. Manhajoji irin su Google Calendar da Outlook suna haɗa ƙaramin fayil mai ƙarewa da `.ics`, wanda kalandar mai karɓa take karantawa ta nuna masa taron da agogonsa. A cikin fayil ɗin ana iya rubuta lokacin farawa ta ɗaya daga hanyoyi biyu:

```
DTSTART:20260324T133000Z
DTSTART;TZID=Africa/Lagos:20260324T143000
```

Layin farko ya faɗi lokacin da UTC, harafin `Z` na ƙarshe shi ne alamar haka. Na biyu ya ɗaure shi da agogon Najeriya, wanda na'urori suka sani da suna `Africa/Lagos`, kamar yadda suka san na Nijar da `Africa/Niamey`, na Birtaniya da `Europe/London`. Ga taron rana ɗaya layukan biyu abu ɗaya suke nufi.

Ga taron da ake maimaitawa duk mako kuwa, agogon da aka ɗaure shi da shi yana yanke hukunci babba. A ce malamar ta mayar da taron na kowace Talata, ɗaure da agogon Kano, 14:30. Ranar 24 ga Maris mutumin Landan zai gan shi 13:30. Ranar 31 ga Maris, bayan Birtaniya ta sauya, zai gan shi 14:30, kuma wataƙila yana da aji a lokacin. A Nuwamba mutuniyar Niyok za ta ga nata ya koma 08:30. Da mutuniyar Niyok ce ta ƙirƙiri gayyatar da agogonta, nata zai tsaya 09:30 duk shekara, amma a Nuwamba na Kano zai koma 15:30, na Jidda 17:30. Babu tsarin da zai tsayar da sa'ar kowa. Dole wani ya matsa, kuma ya fi kyau a yanke wanda zai matsa tun a imel ɗin farko, a rubuta ranakun da sauyin zai faru. Ƙungiyoyin da tazararsu ta yi yawa har ba sa'ar da ta dace da kowa sukan yi karɓa-karɓa, wannan wata na gabas ya yi dare, wata mai zuwa na yamma ya yi sammako.

Kalanda ba ta wuce saitin na'urar da take ciki. Kwamfutar hannu da aka sayo daga waje takan zo da agogon ƙasar da ta fito, mai ita kuma ya gyara sa'ar da hannu har ta dace da agogon bango, bai taɓa saitin yankin ba. A fuska komai daidai ne. Amma in yankin na Kalifoniya ne, gayyatar 13:30 UTC ta ranar 24 ga Maris za ta bayyana masa 06:30 na safe, in kuma shi ya ƙirƙiri gayyata ya rubuta 14:30, abokansa na Kano za su gan ta 22:30. Alamar wannan ciwo ita ce sa'ar da ke jikin gayyata ta saɓa wa wadda aka rubuta a cikin saƙo da cikakkun sa'o'i, ko imel ɗin mutum ya riƙa isa da tambarin lokacin da bai yi ba tukuna. Gyaransa a saitin kwanan wata da lokaci yake. A Windows, na Najeriya da Nijar shi ne `(UTC+01:00) West Central Africa`. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita sa'ar da rubutu a cikin saƙon tabbatarwa ko da akwai gayyatar kalanda.

Girman kuskure yakan nuna inda ya fito. In an saɓa da sa'a ɗaya daidai, kusan kullum agogon bazara ne. In an saɓa da ninki biyu na tazarar, an cire ne inda ya kamata a ƙara, kamar wanda ya lissafa ƙarfe biyu na rana a Kano ya zama sha biyu a Jidda maimakon huɗu. Rabin sa'a yana nuna ƙasa irin Indiya, sa'a 12 yana nuna an rikita safe da dare, yini guda kuma yana nuna an tsallaka tsakar dare ba a sauya ranar ba.

Saura abin da ba a hannun mai gayyata yake ba, wato gwamnatoci suna sauya dokar agogo. Sudan ta koma UTC+2 daga UTC+3 ranar 1 ga Nuwamba 2017. Turkiyya ta daina sauyin bazara a 2016 ta tsaya a UTC+3. Masar ta dawo da agogon bazara a 2023 bayan shekaru da daina shi. Maroko a 2018 ta tsaya a UTC+1 amma ta riƙa komawa UTC a watan azumi, don haka ranar sauyinta ta riƙa tafiya da kalandar Musulunci. A ƙarshen Maris 2023 gwamnatin Labanan ta ɗage sauyin agogo kwanaki kaɗan kafin ranarsa, wasu hukumomi suka bi, wasu suka ƙi, ƙasar ta yi 'yan kwanaki da agogo biyu kafin a janye matakin. Wayoyi da kwamfutoci suna samun irin waɗannan sauye-sauye ne ta sabunta manhaja, tsohuwar na'urar da ta daɗe ba a sabunta ba kuwa tana ci gaba da tsohuwar doka. Idan taro ya haɗa da ƙasar da ta taɓa agogonta kwanan nan, ko ya faɗo cikin makonnin sauyi na Maris, Oktoba da Nuwamba, ana tura gajeren saƙo kwana ɗaya kafin taron, a sake rubuta sa'ar kowane gari, a nemi kowa ya gwada ta da abin da kalandarsa take nuna masa.